Batir na 200Ah amma awa huɗu kawai yake kai ni, an cuce ni ne?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ƙanƙara da cajin waya a Ƙofar Ƙaura. Wata biyu da suka wuce na sayi batir guda biyu a wajen ƙanin matata, da kuɗin adashinta ma aka cika, shi ya sa maganar ta yi min nauyi, ban ma gaya mata ba. Kowanne an rubuta 12V 200Ah, inbata ta 24V ce, kayana wat 600. Na lissafa awa takwas, amma da an yi awa huɗu sai ta fara kuka ta ɗauke. Ga takardar batirin na ɗora. In mayar masa?

Sani Mai Waya: Jabu ne, mayar kawai. Batir biyu ai 400Ah ke nan, kwana ya kamata su yi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sani, a 24V jere su ake yi ɗaya bayan ɗaya, bolt ne ke ninkuwa, 200Ah tana nan yadda take. Baban Khalifa, dubi ƙaramin rubutun da ke gefen lambar a takardarka: `200Ah @ C20, 1.75V/cell, 25°C`. Sharaɗi uku ne suka gindaya maka. C20 na nufin a hankali suka tsotsi batirin, amfiya 10 kacal, har tsawon awa 20. Kai kuwa wat 600 a kan 24V, in aka haɗa da abin da inbata ke ci wa kanta, kusan amfiya 28 kake ja. Batirin dalma in ka matsa masa, ba ya ba da duk abin da ke cikinsa. Takardarka da kanta ta faɗa a layin ƙasa: C10 184Ah, C5 165Ah. Jan da kake yi ya fi kusa da C5, ka ɗauka kana da 170Ah. Raba da 28, awa shida ke nan, tun ba a je ko'ina ba awa biyu sun tafi.

Baban Khalifa: Injiniya na ji, amma ni ba C20 na saya ba, 200 na saya. Kuma shida ai ba huɗu ba ce.

Injiniya: Saura na cikin inbatarka. Batirin yana da ɗaki shida a ciki, wato cell, takardarka ta ce 1.75V kowane ɗaki, 1.75 sau shida 10.5V ke nan, wato sai da suka tatse shi har can ƙasa kafin su ƙirga 200. Shiga saitinta ka gaya min a nawa take yankewa.

Baban Khalifa: An sa 23V. Mai haɗa min ne ya sa, ban taɓa ba.

Injiniya: To ka gani. 11.5V ke nan kowane batir, tana tsayawa da sauran wuta a ciki. Da wannan saitin, awa huɗu zuwa huɗu da rabi ba abin mamaki ba ne ga lafiyayyen batir.

Sani Mai Waya: Ashe da sauƙi. Sauke shi zuwa 21V ka more kuɗinka.

Injiniya: Kada ka soma. Zai ƙara maka lokaci yau, amma batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Mai haɗin nan gata ya yi maka.

Maman Hanifa: Hmm, ni nawa a Daura shekara ɗaya da rabi ya kumbura kamar burodi. Mai shagon ya ce wai zafi ne, ya hana ni ko sisi, har yau ba ma gaisawa. Kuma wallahi a ɗakin ajiya na kulle shi, ko yara ba sa taɓawa.

Malam Idi: Hajiya sai haƙuri. Amma ni a sanina batir zafi yake so, da hunturu ne mota ke ƙin tashi.

Injiniya: Malam, rabin gaskiya ce. Zafi yana ɗan ƙara abin da batir ke bayarwa a ranar, sanyin Janairu yana ragewa. Amma kwanansa yake ci: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 ɗin nan, kusan rabin shekarunsa ke tafiya. Ɗaki mai rufin kwano a rufe a watan Afrilu, Hajiya, ai tanda ce. Baban Khalifa, naka a ina suke? Kuma me ke cika su, sola ko wutar gari? Ba ka faɗa ba. In ba sa cika, duk lissafin nan ya rushe. Ka cika su taf, ka cire komai su huta awa huɗu ko fiye, ka auna kowanne daban. Ya kamata ka ga wajen 12.7V, in ɗaya ya yi ƙasa da ɗan'uwansa sosai, a nan za a zargi batir.

Baban Khalifa: Suna bayan firiza, nan ne kawai wuri, shagon haya ne. Cika kuwa suna cika, fitila kore tana kamawa. Ba ni da mita. Ni dai da ya ce min awa huɗu ne da ban taɓa kuɗin matata ba.

Sani Mai Waya: Na ce maka ka mayar.

Maman Hanifa: Injiniya, wanda ya kumbura ana gyarawa?