Wutar NIGELEC da aikinmu: abin da ya fito a hirar jiya

To 'yan uwa, ga abin da muka tsayar a hirarmu ta jiya a fada, mu masu aiki da kwamfuta daga gida nan Yamai. Wanda ya fi mu sanin sola ya ce kar ka fara da sayen janareto, fara da lissafin abin da kayanka ke ci. Laftof wat 60, akwatin wifi wat 10, jimla 70, in wuta ta tafi awa 5 kana bukatar wat-awa 350 kenan. Batir na 12V 100Ah a takarda wat-awa 1200 ne, amma in irin na dalmar nan ne rabi kawai za ka ja, wato 600, in kana shanye shi har ƙasa kullum ba zai daɗe ba, ga zafin watan Afrilu na cin shi, ga inbata ma na cin nata kason. Alamar ya fara mutuwa, ya cika da wuri ya sauka da wuri. Kuma fa kar a jona masa fanka babba, nan ne lissafin ke rushewa.

Intanet ba a ja gardama ba, layi biyu na kamfani daban, misali Airtel da Moov.

Ajiya kuwa wata 'yar uwa ta ce a kula, ganin fayil a foldar Google Drive ba ya nufin ya hau, in netwok ya yanke yana nan maƙale a laftof. Kafin ka kashe, buɗe shi ta wayarka ka gani, sannan ka kwafa a hadis ɗin waje ka cire shi daga jikin kwamfuta.