Ina danna 2 a faifan maɓallai, amma 4 ke fitowa

Nura: Assalamu alaikum. Ina haɗa makullin ƙofa mai lambar sirri da Arduino Uno da faifan maɓallai 16 mai wayoyi takwas, waɗanda na jona a ƙafa ta 2 zuwa ta 9. Idan na danna 1, 5, 9 ko D, suna fitowa daidai, amma 2 yana ba ni 4, kuma 3 yana ba ni 7. Wani lokaci ma dannawa ɗaya tana fitar da 55. Ina kuskuren yake?

Bashir: Wa alaikumus salam. A ganina ka juya leɓen wayoyin ne baya da gaba lokacin da kake sakawa. Ka cire shi ka juya, matsalar za ta wuce.

Injiniya Hadiza: Malam Bashir ya yi gaskiya cewa matsalar ta jeri ce, amma da leɓen aka juya, da 1 zai ba da D, kuma maɓallan da za su fito daidai su ne A, 6, 8 da `*`. Abin da Malam Nura ya bayyana alama ce ta daban: an musanya layukan kwance da na tsaye.

Babu maɓallin da ke da wayarsa shi kaɗai. Huɗu daga cikin wayoyin na layukan kwance ne, huɗu na layukan tsaye, kuma dannawa tana haɗa kwance ɗaya da tsaye ɗaya. Shi ya sa ake saka ƙafafun tsaye a `INPUT_PULLUP` domin su zauna a `HIGH`, sannan a sauke layin kwance ɗaya zuwa `LOW`, a duba wane layin tsaye ne ya biyo shi ƙasa, kafin a wuce na gaba:

```
for (byte r = 0; r < 4; r++) {
  pinMode(kwance[r], OUTPUT);
  digitalWrite(kwance[r], LOW);
  for (byte c = 0; c < 4; c++)
    if (digitalRead(tsaye[c]) == LOW) harafi = jadawali[r][c];
  pinMode(kwance[r], INPUT);
}
```

Idan aka fara ƙirga daga sifili, 2 yana kwance 0, tsaye 1. Da zarar an musanya su, sai a karanta `jadawali[1][0]`, wanda kuwa gidan 4 ne. Su 1, 5, 9 da D lambar kwancensu da ta tsayensu ɗaya ce, don haka musanyar ba ta taɓa su. Ka gwada 6; idan ya ba ka 8, magana ta tabbata. Ba sai ka taɓa waya ba, ka musanya ƙafafun da ka rubuta a `kwance` da na `tsaye` kawai.

Ina roƙon kada a tsallake umarnin da ke mayar da layin zuwa `INPUT`. Mutane da yawa suna mayar da shi `HIGH`, alhali idan aka danna maɓallai biyu na layin tsaye ɗaya, kamar 1 da 4, ƙafar da ke `HIGH` za ta haɗu kai tsaye da wadda ke `LOW`, kuma hakan yana iya lalata su.

Sani: Ni nawa haka ya riƙa fitar da lambobi barkatai a shagona lokacin damina, ashe laima ce ta shiga ƙarƙashin robar. Da na sayi sabo sai ya daina. Ina ba ka shawara ka canja faifan.

Injiniya Hadiza: Malam Sani, naka barkatai yake yi, nasa kuwa kullum 2 yana ba da 4, kuma laima ba ta yin kuskure mai tsari irin wannan. Kafin ya kashe kuɗi, ya saita mita a yanayin da take yin ƙara idan wayoyi suka haɗu, ya danna 2, ya nemo wayoyi biyun da suka haɗu.

Shi kuwa 55, dalili biyu ke kawo shi. Ko dai shirin yana ƙirga maɓallin a kowane zagaye muddin yatsa na kai, ko kuma bakin maɓallin yana haɗuwa yana rabuwa na 'yan milisakan kafin ya zauna. Ka ajiye abin da ka karanta a zagayen baya, kada ka karɓi sabo sai ya tsaya milisakan 20 bai sauya ba, kuma kada ka sake ƙirga shi sai an ɗaga yatsa.

Nura: Na gode, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Lallai 6 ya ba ni 8, kuma da na musanya su duka 16 suka fito daidai. Maimaituwar ma ta daina, sai dai 0 har yanzu yakan fito sau biyu jefi-jefi.

Bashir: Ka ƙara jiran zuwa milisakan 50 ka gani.

Injiniya Hadiza: Zai iya rufe matsalar, amma tunda maɓalli ɗaya ne ke yi, na fi zargin bakinsa ya fara cinyewa. Malam Nura, ka auna juriyar 0 da mita yayin da kake danne da shi, ka kwatanta da ta 8, ka gaya mana ko lambar tana tsayawa ko tana rawa.