Hirar 'yan kasuwa biyu kan ƙungiyar asusu: tawa ta koma lacca, ina gyaran yake?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. An ba ni shafuka 32 na horaswa kan ƙungiyar ajiya da rance, irin waɗanda ake haskawa a majigi, aka ce in mayar da su hirar minti biyar tsakanin 'yan kasuwa biyu, za a naɗa a riƙa kunna wa mata a waya. Na haɗa Talatu mai tumatir da Hajiya Indo mai atamfa a Babbar Kasuwar Katsina. Da na karanta wa ƙanwata sai ta ce kamar malama da ɗaliba. Don Allah ina na kuskure?

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi hattara da harkar adashi a zamanin nan. A layinmu wani ya kwashi na farko, har yau ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. In za ki kafa, ki nemi masu tsaya wa kowa.

Maman Ilham: Na gode Baba, Allah ya mayar da alheri. Ba kafawa zan yi ba, rubutu aka sa ni.

Malama Binta: Maman Ilham, kar ki wuce maganar Alhaji, ya ba ki kyauta bai sani ba. Da ya ji ajiya da rance, adashi ya faɗo masa a rai, kuma haka zai faɗo wa duk macen da za a kunna wa hirar. To daga nan za ki taso.

Na yi shekaru ina zama da irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma zan iya cewa ba tare da na ga rubutunki ba, kin bi shafukan ne ɗaya bayan ɗaya: Talatu ta ce mene ne kaza, Hajiya ta amsa. Mai sayar da tumatir ba ta barin ciniki don ta tambayi ma'anar kalma. Abin da ke sa ta tsallaka rumfar maƙwabciya da rana tsaka shi ne kuɗinta sun yi ƙasa da lissafinta. Ki ajiye shafuka 31, ki ɗauki na rabon ƙarshen zango kaɗai, don a nan ake ɓatawa, kuma sauran dokokin duk za su biyo shi da ƙafarsu.

Ga lissafin da za ki gina a kai. Mata 20 ne, hannu ɗaya naira 500, kowa na da damar sayen hannu ɗaya zuwa biyar a zaman mako, kowane hannu a buga mata tambari ɗaya a ɗan littafinta. Sun yi mako 40. Da aka ƙirga tamburan kowa da kowa aka samu 2,400, wato zubin naira 1,200,000. Da aka karɓo duk basussuka aka zazzage akwati a gaban jama'a, sai aka tarar da 1,440,000. A raba wannan gida 2,400, hannu ɗaya ya zama naira 600. Talatu hannu bibbiyu take saye, tamburanta 80, ta tafi da 48,000. Hajiya Indo biyar-biyar take yi, tamburanta 200, ta tafi da 120,000.

Rigimar ita ce Talatu ta ji an ce ribar ƙungiya 240,000 ce. Ta raba wa mutum 20 a kanta, kowa 12,000, ta ɗora kan 40,000 da ta zuba, ta sa rai da 52,000. Aka miƙa mata 48,000. A wajenta an ci mata dubu huɗu, kuma ba wauta ta yi ba, lissafin mai hankali ne da ya hau kan ƙa'idar da ba ita ba. Ni da haka zan buɗe:

Talatu: Hajiya, ina kwana. Ban zo sayen komai ba, dubu huɗuna nike nema.
Indo: Ikon Allah. Zauna tukuna, a wajen wa suka maƙale?
Talatu: Ba tare muka yi wata tara muna zama kan tabarma ɗaya ba? Ranar da aka yi ruwan nan ma ni na riga ki zuwa. To mi ya sa ribarki ta fi tawa?
Indo: Kwando nawa kika saro jiya?
Talatu: Biyu.
Indo: Da ke da mai kwando biyar, mota ɗaya kuka hau, rana ɗaya ta dake ku. Da yamma ribarku ɗaya?
Talatu: Wannan ai daban. Kuɗinta sun fi nawa shiga.
Indo: To miƙo littafinki mu ƙirga kwandunanki.

Kin ga babu inda aka ce hannun jari ko kaso cikin ɗari. Daga nan sai su ƙirga tambari, Indo ta ce kowace ɗari biyar ta haifi ɗari, taki da tawa duka. Wannan jimlar kaɗai nake so mai sauraro ta tashi da ita. Miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da arba'in ki bar shi a takardarki, don ke ki tabbata lissafin ya tsaya. Ido na iya komawa kan lamba a majigi, kunne kuwa in ta wuce ta wuce. Lamba uku ta ishi hirar: ɗari biyar, ɗari shida, tamanin.

Abdul Ƙofar Marusa: Malama ta gama magana. Abin da zan ƙara, a ƙarshe Hajiya ta jero dokokin duka a taƙaice, na akwati mai kwaɗo uku, na tara, na rance. Kuma ta faɗa wa Talatu tana iya cin bashin ninki uku na ribarta, wannan zai faranta mata.

Malama Binta: Abdul, ninki uku na ajiyarta ne, ba na riba ba, kuma yawanci cikin wata uku ake biya. Mai tambari 20 a hannun 500 ta ajiye 10,000, iyakarta 30,000, in akwatin na da su. Jero dokoki a ƙarshe kuwa shi ne laccar da ake gudu, ta dawo ta taga. Akwatin yana da hanyar shigowa da kansa. Talatu ta ce, to wa ya san ko an taɓa kuɗin kafin ranar rabo? Indo ta ce, makulli ɗaya ba yana hannun kishiyarki ba, kin taɓa jin kun haɗa baki a kan wani abu? An yi dariya, kuma an fahimci cewa makullan uku suna hannun mutum uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a zama.

Wani abu kuma, kar Indo ta yi gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Ki bar ta ta yi tuntuɓe sau ɗaya. Misali ta ce ai har kuɗin taimakon juna an haɗa a rabon, Talatu ta ce a'a, wannan jakarsa daban, daga ciki aka kai wa Ladi gudummawa da gobara ta ci rumfarta. Da zarar mai tumatir ta gyara wa mai atamfa, sun zama maƙwabta.

Hajiya Rabi Daura: Mu a ƙungiyarmu abin da ya haɗa faɗa ba wannan ba ne. Wata ce ranar rabo ana bin ta 9,000, aka soke tamburanta daidai bashin kafin a ba ta saura. Ta yi ta kuka wai an tozarta ta gaban mutane, alhali tun ranar farko an karanta dokar. Da za ki sa wannan da kin taimaka. Sannan ki kula da kalmar hannu. A adashi mai hannu biyu kullum biyu za ta zuba har a gama, ta kwasa sau biyu. Mu nan yau ki sayi ɗaya, mako mai zuwa in kasuwa ta yi kyau ki sayi biyar. Mun fi wata biyu wasu ba su gane ba, ranar da ba su da kuɗin hannu uku sai su ƙi zuwa don kunya.

Malama Binta: Maganar hannu gaskiya ce Hajiya, layi biyu ya isa a warware ta. Ta bashin kuwa hira ce mai zaman kanta, in aka cusa ta nan dubu huɗun Talatu za su ɓace.

Malam Lawal: Ina da tambaya, kuma matan da za su saurara za su yi ta ko ba ku sa ba. Ɗarin nan da ɗari biyar ta haifa, daga ina? In ƙari ne da mai rance ke biya a kan bashi, duk sunan da aka sa masa a takarda, mutumin Katsina kuɗin ruwa zai kira shi. Hirar da ta tsallake wannan, miji ɗaya ya isa ya hana a sake kunna ta a gidansa.

Malama Binta: Malam, tambayar na kan hanya. Tsarin ba daga nesa ya zo ba, a Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, kuma a yadda aka fi koyar da shi mai rance na biyan wani ƙari duk wata, wanda 'yan ƙungiya ke yankewa da kansu, ya koma akwati. Na zauna da ƙungiyoyin da suka ajiye wannan gefe. Rancensu babu ƙari, ribarsu daga tara take da kuma sana'ar haɗin gwiwa, su sayi gero ko wake da kaka su sayar da bazara. Sai dai a nan hannu na iya tashi ƙasa da yadda na misalta, shekarar da farashi ya karye ma ana iya yin asara.

Malam Lawal: To a faɗi hakan a bakin Talatu. Kar a sa Hajiya Indo ta ba da fatawa, mai atamfa ce.

Abdul Ƙofar Marusa: Amma in waɗanda suka ba ta aikin tsarin ƙarin suke koyarwa fa? Ba ta da ikon canza musu darasi.

Maman Ilham: Na duba, shafi na 19 ya ce kashi 10 cikin ɗari duk wata, ya kira shi kuɗin hidima. Gobe zan kira wadda ta ba ni aikin in ji ko ƙungiyoyin da za a kunna wa haka suke yi. Kafin nan na sake rubuta farkon da dubu huɗun Talatu, na karanta da agogo a hannu, har wajen makulli minti uku da rabi. Ƙanwata ta ce in cire kishiyar, wai wasu za su tsargu.

Hajiya Rabi Daura: Ki bar ta. In dole ne ki mayar da ita uwar miji.