Neman shawara: sauya bashi zuwa wani banki, yaushe zan mayar da kuɗin da zan kashe?

Abu Sadiƙ, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da na karɓi bashi a banki domin in rufe ginin da na fara wa mahaifiyata a Kano, kuma lokacin ya haɗu da aurar da ƙanwata, wanda nauyinsa duk ya faɗo kaina tun da mahaifinmu ya rasu. Albashina riyal 8,000 ne, banki yana cire 2,500 duk wata, saura wata 36. Ga haya, ga kuɗin rakiyar iyali, riyal 400 a wata kan mutum guda, ni kuma ina da mata da yara biyu a kan igamata. Yanzu wani banki ya ce zai biya bashin ya ba ni sabo, biyan wata ya sauko zuwa 1,560, amma sai na fitar da 1,980 daga aljihuna tun farko. Wata nawa zan yi kafin kuɗin nan su dawo? Kwana uku ke nan barci ya gagare ni.

Alhaji Tijjani, Makka:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ai lissafi ne a fili. Cire 1,560 daga 2,500, saura 940. Raba 1,980 da 940, ka ga wata biyu da 'yan kwanaki. Daga wata na uku duk abin da ya rage a hannunka naka ne. Na sauya banki har sau biyu a rayuwata, ban taɓa yin da na sani ba. Ka sa hannu tun kafin su janye tayin.

Malam Habibu, Riyad:
Alhaji, rabawar da kuka yi daidai ce, amma ba ta zama amsa sai idan bashin biyu za su ƙare a wata ɗaya. Abu Sadiƙ, akwai abu uku da ba ka faɗa ba: nawa ne ya rage na uwar kuɗi, wata nawa ne sabon bashin, kuma me da me suka haɗu suka zama 1,980?

Abu Sadiƙ:
Uwar kuɗin da ta rage 80,000 ce, Malam. Sabon na wata 60 ne. Tsohon bankin zai karɓi 1,520 saboda na biya kafin wa'adi, sabon kuma 400 na buɗe takardu da 60 na haraji. Ban ga amfanin ambaton wata 60 ba, tunda ni abin da ya dame ni shi ne abin da ake cirewa a albashi.

Malam Habibu:
To a nan maganar take. Wannan 1,520 ɗin ba zalunci ba ne, ribar wata uku masu zuwa ce, wadda ƙa'idar Babban Bankin Saudiyya ta yarda banki ya karɓa daga wanda ya biya da wuri: 520 a watan farko, 507 a na biyu, 494 a na uku, kusan abin da suka faɗa maka ke nan.

Idan ka zauna inda kake, za ka biya 2,500 sau 36, wato 90,000, ka huta. Idan ka sauya, za ka biya 1,560 sau 60, wato 93,600, a ƙara 1,980, ya zama 95,580. Ka ga an samu ƙarin 5,580. Wannan 940 ɗin da kake gani, mafi yawansa ba rangwame ba ne, uwar kuɗinka ce aka jinkirta maka biyanta. Ranar da tsohon bashin zai ƙare, bayan wata 36, kai kuma sauran wata 24 ne a gabanka, da kusan 35,000 na uwar kuɗi a wuyanka, alhali duk abin da ka rage a hannu cikin waɗannan watanni 33,840 ne, kafin ma a cire kuɗin sauyin.

In kana son ganin rangwamen gaskiya, ka ce sabon bankin ya buga maka jadawalin wannan 80,000 ɗin a kan wata 36. Da farashin da suka ba ka, biyan wata zai kama wajen 2,447. Bambancin riyal 53 ne kacal. Raba 1,980 da 53, ka samu wata 37 da ɗoriya, bashin kuwa wata 36 ne. Ma'ana bashin zai ƙare kuɗinka ba su gama dawowa ba. Ribarsu ta fi ta tsohon sauƙi, wannan gaskiya ne, amma sauƙin bai kai ya biya kuɗin ƙaura ba.

Hajiya Ummi, Madina:
Ni abin da ya same mu ne zan faɗa. Maigidana ya yi irin wannan sauyi, tsohon bankin ya ja ƙafa wajen ba da takardar shaidar kammala biya, wurin aikinsa kuma bai mayar da albashi sabon banki a kan lokaci ba. A wata ɗaya aka cire mana biyu, muka shiga azumi da bashin mai shago, sai da muka yi sati shida muna safa da marwa kafin a mayar. Har yau in na tuna yadda ma'aikacin ya ƙi ko ɗaga kai ya dube shi, raina ɓaci yake yi. Ƙanena, ka tanadi kuɗin wata guda a gefe.

Alhaji Tijjani:
Malam Habibu, lissafin takarda daban, tukunya daban. Mutumin da ake yanka wa kusan sulusin albashi kake gaya wa abin da zai faru bayan shekara biyar? Riyal 5,580 a shekara biyar bai kai ɗari a wata ba. Da ya je ya ci bashin katin banki ko ya kasa sabunta igamar yaransa, ai gara ya sayi numfashi da wannan kuɗin.

Malam Habibu:
Ban musa ba, Alhaji. Idan numfashin yake nema, farashinsa ke nan, kuma yana iya zama ciniki mai kyau. Amma tambayarsa ita ce yaushe kuɗin za su dawo, amsar kuma ba wata biyu ba ce. Akwai kuma abin da nake so ya duba: Abu Sadiƙ, saura wata nawa a kwantiragin aikinka? Baƙo idan aikinsa ya ƙare, banki yakan riƙe kuɗin sallamarsa ya cire abin da yake bi. Misali, a wata na 18 daga yanzu, tsohon bashin zai sauko wajen 42,000, sabon kuwa yana nan kusan 59,000, kuma za a sake neman ribar wata uku.

Sani Direba, Jidda:
Ni ban ga dalilin cin sabon bashi a kan tsoho ba. Ka sayar da filin da kake da shi a gida ka rufe bakin banki gaba ɗaya. Kuma ka tambayi malamai hukuncin sayen bashi da bashi, ko da sun kira shi tawarruƙi.

Abu Sadiƙ:
Malam Sani, ba ni da fili, gidan da mahaifiyata take ciki ne, kuma ba ƙarin kuɗi zan karɓa ba. Malam Habibu, kwantiragina saura wata 18, amma sau huɗu ana sabunta mini, ban ga abin da zai hana wannan karon ba. Kuma ni niyyata in riƙa ajiye 940 ɗin, in na tara in biya bashin da wuri, ba zan kai wata 60 ba.

Malam Habibu:
In har za ka iya ajiye 940 duk wata ba ka taɓa ba, to 2,500 ɗin ba ta fi ƙarfinka ba, kuma ka koma lissafin riyal 53. In kuma kuɗin rakiya ne za su cinye ta, babu abin da zai taru. Wanne ne daga ciki?

Abu Sadiƙ:
Wani watan zan ajiye, wani watan ba zan iya ba. Ma'aikacin bankin ya ce tayin zuwa Alhamis ne, kuma na riga na karɓo takardar albashi daga wurin aiki. Zan tambaye shi jadawalin wata 48 in gani.

Alhaji Tijjani:
Ka tsaya a kan 60 ɗinka, ɗana. Ka kira ni bayan Isha'i.