Takardar cikin kwalin farasitamol ɗin yara, wa yake karantawa?

Maman Hanif: Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi kuskuren da har yanzu jikina bai daina rawa ba. Hanif yana zazzaɓi, sirof ɗinmu ya ƙare, babansa ya shigo da wata ƴar ƙaramar kwalba daga kemis, ni kuwa na zuba masa 5ml yadda na saba, sai bayan ya haɗiye na zaro takardar nan da kullum nake jefarwa, na ga an rubuta 100mg/ml, tsohuwar kwalbar kuma 120mg/5ml. Mun je asibiti cikin dare, sun duba shi sun ce tunda sau ɗaya ne kuma an zo da wuri ba komai, amma kar in ƙara masa sai lokacin da suka faɗa min. Don Allah wanda ya gane lissafin takardar nan ya yi mana bayani.

Anti Nas Rabi: Sannu Maman Hanif, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda aka kawo miki na ɗigawa ne, na jarirai, kuma ya ninka sirof ƙarfi kusan sau huɗu. Cokalin sirof 5ml yana ɗauke da 120mg, amma 5ml na na ɗigawa 500mg ne, wato ƙwayar babba guda cur. Lissafin da nauyi ake yi, 10 zuwa 15mg a kowane kilo. Yaro mai kilo 10 iyakarsa 150mg a sha ɗaya, kin ga a sirof wajen 6ml kenan, a na ɗigawa kuwa 1.5ml kacal. Tsakanin sha da sha aƙalla awa 4, galibi 6, kuma kar ya wuce sau huɗu cikin awa 24. Ni da na karɓi kwali lambar nan ta gaban kwalba nake fara dubawa kafin komai.

Abban Sadiya: Ni dai shekaru nake bi, takardar ma ai da shekaru take jerawa, ɗan shekara kaza cokali kaza. Ban taɓa samun matsala ba gaskiya.

Anti Nas Rabi: Malam jadawalin shekarun yana aiki ga yaro mai matsakaicin jiki. Amma na sha ganin ɗan shekara uku da bai kai kilo 10 ba saboda rama, idan ka bi shekaru ka zarce masa. Sannan cokalin shayin gida ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani zurfi, a nemi kofin awo ko sirinji.

Hajiya Maraɗi: Mu nan takardarmu da Faransanci take zuwa, sai ɗiyata ta karanta min. Wani sirof ɗin sirinjinsa da kilo aka zana shi, kilo 12 ki ja zuwa 12 shi ke nan. Amma na kwalbarsa ne kaɗai, na taɓa ɗaukarsa zan auna wani magani mai famasi ya hana ni.

Ummu Khairat: Ni abin da ya sa na daina karantawa wajen illolin nan ne wallahi, ƙuraje, kumburi, matsalar jini, sai ka ji kamar guba za ka ba ɗanka. Ranar nan na mayar da kwalba cikin kwali na jiƙa tsumma kawai.

Anti Nas Rabi: Dole ce ta sa su rubuta duk abin da aka taɓa gani ko da ba kasafai ba. Wanda za ki riƙe shi ne ƙuraje su feso, ko leɓe da fuska su kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to nan a tsayar da magani a tafi asibiti take. Wurin da na fi so a karanta shi ne na shan fiye da kima, yana cewa a je asibiti ko da yaron yana wasansa. Hanta yake taɓawa a ɓoye, ranar farko ƙila amai kawai ko ba komai, sai bayan kwana biyu uku ido ya yi rawaya, alhali maganin karya shi ya fi aiki cikin awa 8 na farko. A tafi da kwalbar, a faɗi nawa aka ba shi da ƙarfe nawa.

Baffa Direba: Nawa ba na yara ba ne amma bari in sako. Mura ta kama ni a hanyar Legas, ina shan farasitamol biyu biyu ina haɗawa da maganin mura, ashe shi ma akwai farasitamol a ciki, ƙanina ne ya nuna min a ƙananan rubutun. Babba iyakarsa ƙwaya takwas na 500mg a awa 24 duka duka, ni ban ma ƙirga ba.

Maman Hanif: To Anti takardar ta ce in zazzaɓi ya wuce kwana uku a ga likita. Kenan in jira ukun?

Anti Nas Rabi: A'a ƴar uwa, a wurin da maleriya take ba na ba kowa shawarar jiran kwana uku, a yi gwaji cikin kwana ɗaya, farasitamol zafin kawai yake saukarwa. Jariri ƙasa da wata uku kuwa, ko yaron da ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yake amayar da komai, ba a kwana da shi a gida.

Abban Sadiya: Anti kowane zafin jiki a ce gwaji, ga kuɗin mota ga layi, mu da asibiti ya yi mana nisa fa? Ni kwana biyu nake ba shi in ga yadda jikin zai yi.

Maman Hanif: Hanif dai ya tashi ya sha kunu yanzu, gobe da safe za mu koma a yi gwajin. Na ɗaura wa ƴar kwalbar jan zare don kar babansa ya sake rikita su.