Da 5 zan raba ko da 4?

Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka mini. Lambobina su ne 3, 5, 5, 7, 10. Jimlarsu 30, matsakaici ya zama 6. Ta tsakiya 5, wadda ta fi maimaituwa ma 5 ce.

Wajen ma'aunin warwatsuwa na maƙale. Na cire 6 daga kowace lamba, na ninka kowane sakamako da kansa, na samu 9, 1, 1, 1, 16, jimla 28. Da na raba da 5, √5.6 ya ba ni 2.37. Amma amsar malaminmu 2.65 ce, wato √7, da 4 ya raba ke nan. Kalkuleta kuma duka biyun take nunawa.

Me ya sa ake rage ɗaya, kuma yaushe? Tambayar da aka ba mu ba ta ce lambobin samfuri ne ba.