Katunan da na haɗa don jarrabawar baki ta DELF B2 sun ƙi aiki

Assalamu alaikum. A Garwa nake, ina shirin jarrabawar Faransanci ta DELF B2, ɓangaren magana. Ana ba da minti 30 na shiri a kan ɗan rubutun da mutum ya zaɓa, sannan minti 20 gaban masu jarrabawa: ka yi bayani, daga nan su ja da kai.

Na yanka kwali na yi katuna kala biyu. Farare na jigo ne, kamar muhalli, aiki da ilimi. Shuɗaye kuma na kalmomin haɗa zance, irin su "en revanche" da "par conséquent". Duk na haddace su.

Matsalar sai na kunna rikoda a waya. Kalmar haɗin takan fito tsaf, sai in yi tsit, babu abin da zan ɗora mata. Da na koma rubuta cikakkun jimloli a katin jigo, abokin karatuna ya ce kamar hadda nake biyawa, kuma da ya sauya tambayar kaɗan sai in kakare. Ga shi ba a shiga da katin.

Don Allah, waɗanda suka zauna B2: ya kamata in haɗa jigo da kalmar haɗinsa a kati ɗaya, ko in bar su daban?